Karo-karon kyauta a wurin aiki a Saudiyya: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan na taso ne duk lokacin da za a yi wa abokin aiki kyauta ta haɗin gwiwa, ko zai yi aure, ko an yi masa haihuwa, ko ya karɓi huruj zai koma gida gaba ɗaya. Na yi amsoshin da tunanin irin wuraren da mutanenmu suka fi aiki a Jidda da Makka da Madina: sito, otal, kamfanin jigila, shago mai ma'aikata goma zuwa ashirin, inda akawu da direba da mai shara suke cin abinci a faranti ɗaya amma albashinsu bai kama ƙafar juna ba.

Nawa ya kamata a yanka wa kowa?

Kada a yanka. Na san wannan ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, a ce kowa ya kawo riyal 40 a huta, kuma a ido yana kama da adalci tunda babu wanda ya fi wani. Amma a ɗauki alƙalami a duba. Wanda albashinsa riyal 1,200 ne, idan aka raba wa kwana 30, kuɗin yininsa riyal 40 ne cif. Wato an ce masa ya ba da aikin yini guda sukutum. Wanda yake ɗaukar 6,000 kuwa kuɗin yininsa 200 ne, 40 ɗin nan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na abin da ya samu a ranar. Adadi ɗaya, nauyi ba ɗaya ba.

Abin da ya fi shi ne a faɗi matakai a matsayin shawara, a bar ƙofa a buɗe sama da ƙasa. A ce misali 10, ko 30, ko 50, wanda ya so ya ƙara ya ƙara, wanda bai samu ba babu komai. Amfanin faɗin matakan shi ne mutane ba sa son a bar su cikin duhu. Idan aka ce "kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa" kawai, sai kowa ya tsaya yana leƙen hannun ɗan'uwansa, mai son ba da 20 yana tsoron kada a raina, mai son ba da 100 yana tsoron kada a ce nuna isa yake yi. Matakin ƙasan kuma a sa shi ƙasa da gaske. Riyal 10 takarda ɗaya ce da mutum zai iya zarowa ba tare da ya taɓa kuɗin da zai aika gida ba.

Idan ba a yanka ba, yaya za a san kuɗin zai isa sayen kyautar?

Tambayar ta juya tsarin ne. Ba a fara zaɓen kyauta sannan a nemi kuɗinta. A tara tukuna, a ƙirga, sannan a tafi kasuwa da abin da ke hannu. Mafi yawan rigimar karo-karo da na sani daga nan take farawa: wani mai zumuɗi ya ga agogo a kasuwar Balad ta Jidda, ya ɗauki hotonsa ya tura, kowa ya ce ma sha Allah, aka saya da kuɗin mutum ɗaya, sai aka dawo ana raba bashin a kan mutanen da ba a tambaye su ba. Daga wannan lokacin mai riƙe da kuɗi ya zama mai bin bashi, wanda bai biya ba kuma ya zama wanda ake bi, alhali bai ci komai na kowa ba.

Abin da za a iya yi tun farko shi ne a ajiye zaɓi biyu ko uku a zuciya, ɗaya idan an samu kaɗan, ɗaya idan an samu da yawa. Kada a tura hoton komai sai an rufe karɓa.

Wa zai riƙe kuɗin, kuma ta wace hanya za a karɓa?

Mutum biyu, kuma kada ɗayansu ya zama mudir, wato shugaban wurin aikin, ko mai rubuta wa mutane awannin aiki. Wanda yake da iko a kan hutunka da kuɗin ƙarin lokacinka, idan ya miƙo maka ambulan, ba za ka iya cewa a'a ba ko da bai buɗe baki ba. A nemi mutum biyu da aka yarda da su a tsakiyar ma'aikata, zai fi kyau ɗaya daga masu ƙaramin albashi. Ɗaya ya karɓa, ɗaya ya zama shaida wajen ƙirga da wajen saye. Idan akwai mata a wurin, a samu mace ta karɓi nasu.

Hanyar karɓa biyu ce, kuma a buɗe duka biyun. Ta farko tura kuɗi ta waya ko ta banki zuwa ga mai riƙon, wadda take barin shaida ta kwanan wata da adadi. Ta biyu ambulan ko ƙaramin akwati a rufe, a ajiye a inda ba idon jama'a, kamar durowar mai riƙon, mutum ya je shi kaɗai ya saka. Ta biyun ba ta tsufa ba, domin akwai wanda igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare ana jiran kafili ya sabunta, banki ya dakatar masa da asusu, ba shi da hanyar tura ko halala ɗaya sai a hannu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zagayawa da ambulan a lokacin cin abinci, a tsaya a kan mutum yana tauna kubus a ce "Malam, saura kai."

Yaushe ya fi dacewa a sanar?

A sanar kafin albashi ya shigo, a rufe kwana huɗu ko biyar bayan ya shigo. Wanda yake aika kuɗi gida yakan je wurin hawala ne a ranar da albashi ya faɗo ko washegari, ya tura kusan duka, ya bar wa kansa na abinci da na katin waya. Idan sanarwa ta zo masa a tsakiyar wata, ba rowa ce ta hana shi ba, kuɗin suna Kano ko Maraɗi tuntuni. Idan kuwa ya ji tun da wuri, zai ware goma ko ashirin ɗinsa kafin ya tura.

Idan kamfani ya yi jinkirin biyan albashi a watan, a ɗage. Tunatarwa kuma sau ɗaya ta isa, ga kowa da kowa a lokaci guda, ba a bi mutum ɗaya ɗaya ba. Ga irin saƙon da za a iya turawa:

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Baba Isa direba zai koma gida ƙarshen wata mai zuwa, muna so mu yi masa kyauta da sunanmu gaba ɗaya. Wanda ya samu dama zai iya ba da 10, ko 30, ko 50, ko abin da ya ga zai iya. Ba dole ba ne, kuma ba za a faɗi wanda ya bayar ko nawa ya bayar ba. A ba Malam Sani a hannu ko a tura masa. Za a rufe ranar Alhamis bayan albashi. Allah ya saka da alheri."

Idan akwai 'yan Bangaladash ko Indiya ko Yaman ko Sudan a cikinku, a tura musu irin saƙon da Larabci, kada su ji labari a bakin wani daga baya. Kuma a tabbata Baba Isa ba ya cikin zauren WhatsApp ɗin da aka tura.

Wanda bai bayar ba, za a sa sunansa a kyautar?

Za a sa. Ko dai a rubuta "daga dukkan abokan aikinka" ba tare da jera suna ba, ko kuma a zagaya da kati kowa ya sa hannu, a wata rana dabam da ranar karɓar kuɗi, ta hannun wani dabam da mai riƙon kuɗin. Raba abubuwan biyu yana da muhimmanci. Idan mai ambulan ne ya zo da kati, wanda bai bayar ba zai ji kunyar ɗaukar biro.

Dalilin wannan ya wuce tausayi. Ka yi tunanin Baba Isa ya isa gida ya buɗe kati, ya ga suna goma sha biyar, ya rasa na yaron da suka yi shekaru suna loda kaya tare. Abin da zai fara zuwa masa shi ne ko ya yi wa yaron laifi. Ba zai san cewa a watan ne aka kwantar da mahaifiyar yaron a asibiti ba. Kyautar da aka yi don a faranta masa ta koma ta saka masa zargi a zuciya.

Kuma rashin kuɗi a ƙasar nan ba ya nunawa a fuska. Mutum zai iya zama da albashi mai kyau a takarda, amma yana da mata da 'ya'ya uku a kan igamarsa, kowanne ana biya masa riyal 400 a wata na kuɗin iyali, wato 1,600 sun tafi kafin a yi maganar haya da makaranta. Wani kuma har yanzu yana biyan bashin da ya ci ya sayi bizar da ta kawo shi. Mai riƙe da kuɗi ba alƙali ba ne da zai tantance wa ke da shi wa ke ɓoyewa.

To ai wannan cutar waɗanda suka biya ne. Me ya sa wani zai ci suna a banza?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi da zafi, kuma ba a rasa gaskiya a cikinta ba. Akwai mutumin da yake da shi, bai taɓa bayarwa ba, kuma idan tasa ta taso yana zuba ido. Kowa ya san irinsa.

Sai dai a auna abin da za a biya don a kama shi. Hanya ɗaya ce tak ta fallasa mai rowa, ita ce a fito da jerin sunaye, kuma jerin nan ba ya bambance shi da wasu mutum uku da ba su da shi da gaske. Za a kunyata uku don a ciji ɗaya, shi kuwa mai rowar galibi ko a jikinsa. Sannan hadisi ya zo cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma malamai sun daɗe suna jan kunne a kan abin da aka karɓa daga mutum don kunya ta hana shi ƙi. Riyal 40 da aka tatsa daga hannun wanda ya bayar yana jin zafi, ba na so ta shiga cikin kyautar da na sa hannu a kai. Wanda ya bayar da yawa kuma ya tuna da aya ta 264 a Suratul Baƙara, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Kyauta ba sadaka ba ce ta kowace fuska, amma gori yana lalata su duka biyun.

Idan mutum ya ji lallai yana son Baba Isa ya san abin da shi ya yi, hanya a buɗe take: ya ba da abin da ya sawwaƙa a na haɗin gwiwa, ya yi tasa kyautar daban a keɓe.

Idan wani ya ce "rubuta ni, zan kawo ƙarshen wata" fa?

Kada a rubuta shi, kuma kada a ƙirga kuɗinsa a cikin abin da za a kashe. Sau da yawa wannan maganar hanya ce ta cewa "ba ni da shi" cikin mutunci. Amsar da ta dace ita ce: "Ba komai Yaya, sunanka na ciki ko yaya ne. In ya samu kafin Alhamis to, in bai samu ba wallahi babu damuwa." Daga nan kada a sake tayar masa da maganar. Idan ya kawo bayan an riga an saya, a saka kuɗin a ambulan a ba mai kyautar, ko a mayar masa.

Zan iya biya wa wani?

Za ka iya ƙara naka, amma kada ka ce na wane ne. Tunda babu adadin da aka yanka, babu gurbin da za ka cike masa. Ka ba da 100 a maimakon 50 ka yi shiru. Ranar da ya ji cewa kai ka biya masa, ka ɗora masa nauyin da bai nema ba, kuma zai riƙa jin sa duk sanda kuka haɗu a bakin ƙofa.

Akwai masu son su taimaka da jikinsu tunda babu kuɗi, kuma wannan taimako ne na gaske. Wanda ya san kasuwa ya iya ciniki zai iya rage muku riyal hamsin a Bab Makka, wanda yake da kyawun rubutu ya rubuta katin, wani ya dafa shayin ranar. Amma a nemi masu wannan aikin daga kowa da kowa. Idan kullum waɗanda ba su biya ba ne ake ba ɗaukar kaya, an fito da jerin sunayen ta bayan gida ke nan.

Idan ba za a faɗi sunaye ba, yaya za a san mai riƙon bai ci ba?

Da jimla da rasit. Sirri yana kan wanda ya bayar, ba ya kan abin da aka tara. Bari mu bi misalin Baba Isa har ƙarshe. A ce ma'aikata 18 ne ban da shi. Da aka rufe ranar Alhamis, Malam Sani da shaidarsa suka zauna suka ƙirga: mutum uku sun ba da ɗari ɗari, biyar sun ba da hamsin hamsin, huɗu talatin talatin, biyu ashirin ashirin, ɗaya ya ba da goma, uku ba su bayar ba. Jimla riyal 720. A lura, daidai take da abin da za a samu da an yanka wa kowa 40, sai dai a nan babu wanda ya rasa kuɗin yininsa. Ba kullum lissafi yake faɗowa haka ba, wani lokacin a samu ƙasa da haka, sai a sayi abin da kuɗin ya kai.

Wannan rabe-raben yana tsakanin su biyun ne. Abin da za a faɗa wa jama'a shi ne an tara 720, ba a ma faɗi mutum nawa suka bayar ba, domin a wuri mai mutum 18 da an ce 15 ne suka bayar, kafin la'asar an gano sauran ukun.

Suka je kasuwa, suka zaɓi akwatin tafiya da agogo da turare, aka yi ciniki a kan 600. A nan akwai tarko ɗaya: harajin saye a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun watan Yulin 2020, kuma ko da yake farashin da ke manne a kan kaya yakan haɗa da shi, a wurin ciniki da baki wani mai shago sai an zo rubuta rasit zai ɗora. A tambaya tun kafin a shirya. A misalinmu an ɗora, 600 ta zama 690. Kati da takardar naɗi 15, ya zama 705. Saura 15, aka saka a cikin katin. Sai a tura hoton rasit da layi huɗu: an tara kaza, an kashe kaza, kati kaza, saura kaza an ba shi. Wanda ya tura ta waya yana da shaidarsa, wanda yake shakka kuma zai iya zuwa wurin shaidar ya tambaya a keɓe ko nasa ya shiga.

Canjin da ya rage kada mai riƙon ya ajiye shi "sai karo na gaba" ba tare da an yarda da haka tun farko ba. Riyal 15 ba komai ba ce, amma a kanta ake fara ƙus-ƙus.

Kaya ya fi ko a ba shi kuɗin?

Ga mai komawa gida, a tambayi na kusa da shi. Yawancin tikiti kilo 23 ne kowace jaka, kuma mutumin da ya yi shekaru a nan ya riga ya cika nasa da tsarabar iyali. Bargo mai nauyi ko babban abin girki zai iya jawo masa biyan kuɗin ƙarin kaya da ya fi kuɗin kyautar. Abu ƙarami mai daraja ya fi, ko a raba: ɗan abin tunawa, sauran a ambulan. Ga mai ƙaramin albashi da zai yi aure ko aka yi wa haihuwa, ni kuɗi nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Idan namiji ne Musulmi, a kauce wa zinare.

Za a yi wa mudir karo-karo?

Idan yana nan a kan kujerarsa, ra'ayina a'a. Babu yadda za a yi na ƙasa ya ji yana da zaɓi, kuma kyauta ga mai iko a kanka tana da wari ko da niyya ta yi kyau. Labarin Ibnul Lutbiyya sananne ne, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, aka ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Wasu kamfanonin ma sun hana a rubuce, a duba. Idan zai bar aikin ne gaba ɗaya, da sauƙi, amma masu manyan albashi su ɗauki nauyin, a bar sauran su sa hannu a kati.

Akwai matsala da hukuma a irin wannan tara kuɗi?

Saudiyya ba ta wasa da tara gudummawa daga jama'a ba tare da izini ba, shi ya sa aka tanadi hanyoyin hukuma irin su manhajar Ihsan. Kyauta tsakanin abokan aikin da suka san juna a wuri ɗaya abu ne na yau da kullum, su kansu 'yan ƙasa suna yi. Inda ake shiga haɗari shi ne a faɗaɗa: a rubuta lambar asusu a tura zaurukan 'yan gari, a ce a yaɗa, kuɗi su riƙa shigowa daga mutanen da mai asusun bai sani ba. Baƙo mai igama wanda kuɗin da ke shiga asusunsa suka zarce albashinsa nesa zai iya shan tambayoyin da ba zai ji daɗinsu ba. A tsaya a cikin ma'aikatan wurin, a gama cikin 'yan kwanaki, a ajiye rasit.

Karo-karon ya yi yawa, kusan kowane wata. Yaya za a yi?

A zauna sau ɗaya a yarda da abubuwan da za a riƙa yi wa: aure, haihuwa, komawa gida. Rasuwa da rashin lafiya gudummawa ce, babinta daban. Abin da aka yarda da shi kuma a yi wa kowa. Alamar da ke nuna tsari ya lalace ba ta wuce a ga an tara wa akawu 900 da walima, mai shara ya tafi ba a ko sanar ba, alhali goma gomansa tana cikin kyautar kowa. Wata alamar ita ce mutane su fara sulalewa daga ɗakin cin abinci da zarar mai riƙon ya shigo, ko zauren ya yi tsit bayan sanarwa.

Idan biyu suka haɗu a wata ɗaya, a yi karɓa ɗaya a raba biyu daidai, a faɗi haka tun a saƙon farko. Masu riƙon kuma a riƙa canza su bayan karo biyu ko uku, domin wanda ya daɗe yana karɓa ya san sirrin aljihun kowa fiye da yadda ya kamata, shi ma kuma yana gajiya da zuwa kasuwa a ranar hutunsa.